Tambayoyi da amsoshi kan lissafin jifa: hoton zanen nan da kuke ta turo min

Ni malamin fiziks ne, ina ɗan lesin na yamma nan Sakkwato wajen Mabera, kuma duk shekara da zarar WAEC da NECO sun matso wayata sai ta cika da hotuna, wani an ɗauka cikin duhu wani an ɗauka a karkace, ƙarƙashin kowane an rubuta "Malam don Allah a duba min wanga". Bana wanda ya fi yawo shi ne na jifa, abin da kuke kira furojektayil. Mutum kusan goma sunka turo min zane guda, da alama daga allo ɗaya anka kwafo shi, shi ya sa na ce bari in tattara tambayoyin da anka yi min a kansa wuri guda in huta da maimaitawa.

Ga abin da ke cikin hoton. Takardar littafin rubutu ce mai layi, an zana da biro shuɗi. Gefen hagu akwai bene, wani ɗan mutum tsaye samansa, daga hannunsa kibiya ta tashi sama ta karkata dama, an rubuta 20 m/s jikinta. Daga hannun nasa kuma an ja layin ɗigo-ɗigo a kwance, tsakanin layin da kibiyar an sa 30°. Jikin bangon benen an rubuta 15 m. Sai layi mai lanƙwasa da ya hau ya sauko har ƙasa, ƙarƙashinsa R, can samansa H da alamar tambaya. A lungun takardar an sa g = 10 m/s². Shi ke nan, sai inuwar waya da babban yatsan mai ɗauka.

Malam na turo hoton, don mi ka ce in sake ɗauka? Ai ana ganin komi

Ba duka ake gani ba 'yata. A naki hoton yatsanki ya rufe 15 m ɗin nan baki ɗaya, kuma ita ce lambar da ke juya amsar duka. Kafin ki taɓa kalkuleta akwai abu huɗu da sai kin karanto daga zanen da idonki: gudun da abin ya tashi da shi, kusurwar da kuma daga wane layi anka auna ta, inda ya tashi da inda ya faɗi ko tsayinsu ɗaya ne, sai g nawa anka ba ki. In ɗaya ya ɓace a hoto to tambayar ta zama wata daban.

Sannan kar ki ɗora abin auna kusurwa kan fuskar waya ki ce za ki auna da kanki. Zanen hannu ne, ba a yi shi bisa ma'auni ba, wanda ya zana na iya rubuta 30° alhali abin da hannunsa ya ja ya fi kama da 50°, ga shi kuma in an ɗauki hoto a karkace kusurwa na matsewa ko ta buɗe. Lambar da anka rubuta ita za ki bi. In lambar ce ba ta fito ba, kamar ki kasa gane 15 ne ko 18, koma ga mai littafin ki tambaya, ya fi ki yi ta lissafi kan zato. Ni dabarata kullum ita ce in sake zana abin da hannuna a takarda mai tsabta, wurin zanawar nan nike gane abin da ban gani ba da farko.

Dutse ɗaya ne, tafiya ɗaya yake yi, ta yaya za a ce a raba ta biyu?

Wagga ita ce tambayar da in ka gane ta sauran duk wasa ne, don haka bari in daɗe a nan.

Ka tsaya a fili da tsakar rana lokacin da rana ke tsakiyar kai, irin ranar Sakkwato ta watan Afrilu da ba ta barin kowa, ka sa ƙanenka ya jefa ƙwallo, kai kuma kar ka dubi ƙwallon, dubi inuwarsa a ƙasa. Inuwar ba ta san hawa ko sauka ba, gaba kawai take yi a miƙe kuma da gudu guda tun daga farko har ƙarshe. Wannan ita ce tafiyar kwance. Yanzu ka koma bayan mai jifar ka tsaya daidai saitin inda ya jefa, daga nan abin da za ka fi gani shi ne ƙwallon ya hau yana rage gudu, ya ɗan tsaya, ya sauko yana ƙara gudu, kamar wanda anka cilla sama tsaye. Wannan ita ce tafiyar tsaye. Ƙwallo ɗaya ne amma labari biyu yake bayarwa.

Dalilin da ya sa rabawar ke aiki shi ne da zarar dutse ya bar hannu, in munka ajiye maganar iska gefe, ƙarfi ɗaya tak ke aiki a kansa wato jan da ƙasa ke yi masa, kuma jan nan ƙasa yake yi sak, ba ya tura shi gaba ba ya ja da shi baya. To tunda babu mai taɓa gudun gaba, yadda ya fara haka zai ƙare. Gudun sama kuwa kowane sakan ana zaftare masa 10 m/s har ya ƙare ya juyo. Galileo ne ya shimfiɗa wannan bayani a littafinsa na 1638, ya nuna cewa in ka haɗa tafiya mai gudu guda a kwance da faɗuwa mai ƙara gudu a tsaye, hanyar da za ta fito ita ce lanƙwasar nan da ake kira farabola.

In ba ka yarda ba gwada a gida. Ɗora marfin kwalba biyu bakin tebur, ɗaya ka ɗan ture shi ya faɗi nan ƙasa, ɗayan ka ɗalle shi da yatsa ya tafi nesa, a lokaci guda. Ka saurara, ƙara ɗaya za ka ji ko kusa da haka. In tsayin teburin 0.8 m ne duka biyun sakan 0.4 suke yi a iska, wanda ya tafi nesa bai samu ƙarin lokaci ba don ya yi gudu.

Abin da ya haɗa labaran biyu guda ne, lokaci. Sakan ɗin da dutse ya yi yana hawa da sauka su ne dai sakan ɗin da ya yi yana tafiya gaba. Tafiyar tsaye ke faɗa maka lokacin, kai kuma ka ɗauko shi ka kai wa tafiyar kwance ta ba ka nisa.

Kullum ina rikita cos da sin, wane ke zuwa ina?

Dubi zanen. Kibiyar 20 m/s ita ce dogon gefe na alwatika, layin ɗigo-ɗigo na kwance shi ne gefen da ke manne da kusurwar 30°. Gefen da ke manne da kusurwa shi ke ɗaukar cos, wanda ke fuskantarta daga nesa shi ke ɗaukar sin. Don haka a wanga zane:

```
ux = u cos θ = 20 × cos 30° = 17.32 m/s
uy = u sin θ = 20 × sin 30° = 10 m/s
```

Kar ka haddace cewa cos na kwance ne har abada, haddace cewa cos na gefen da kusurwar ta jingina da shi ne, za ka ga amfanin haka nan gaba kaɗan. Kuma ka yi amfani da hankalinka ka duba: 30° jifa ce ta ƙasa-ƙasa, gaba ta fi yi bisa ga sama, dole gudun kwance ya fi na tsaye girma. 17.32 ta fi 10, daidai. Da ka samu akasin haka ka san ka juya su.

Wani ya taɓa ce min ai 17.32 da 10 in an tara sun ba 27.32, sun wuce 20, ina ƙarin ya fito? Ba a tara su haka don ba hanya ɗaya suke bi ba. Sai dai ka ninka kowace da kanta: 300 da 100 sun ba 400, kuma 400 ita ce 20 sau 20.

To H fa, ya ake samunta?

Manta da 17.32 gaba ɗaya a nan, ba ruwanta da hawa. Dutse ya tashi da 10 m/s zuwa sama, ana cire masa 10 m/s kowane sakan, ko ba fomula ka san sakan 1 zai yi gudun saman ya ƙare. Nan ne ƙololuwa. A cikin wannan sakan ɗin ya fara da 10 ya ƙare da 0, matsakaicin gudunsa 5 ke nan, don haka mita 5 ya hau. Fomula ma abin da za ta ce ke nan:

```
h = uy² / 2g = 100 / 20 = 5 m
```

Amma nan ne rabin ajina ke faɗawa rami. Mita 5 ɗin nan daga hannun mai jifa ne, wato daga layin ɗigo-ɗigo, shi kuma yana saman bene mai mita 15. Koma ga hoton ka duba kibiyar H daga ina ta taso. A zanen da kunka turo min ƙafarta ta sauko har ƙasa, don haka H = 15 + 5 = 20 m. Da a kan layin ɗigo-ɗigo ta tsaya da amsa 5 m ce. In hoton bai nuna sosai ba, rubuta duka biyun da bayani, mita 5 sama da inda anka jefa, mita 20 daga ƙasa, mai makin takarda zai ga ka san abin da kake yi.

Malam na sa fomular R da ke littafi na samu 34.6 m, kai kuma ka ce 52 m, wa ke da gaskiya?

Fomularka ba ƙarya ta yi ba ɗana, wurin da ba nata ba ka kai ta. Wannan da ka haddace,

```
R = u² sin 2θ / g
```

an fitar da ita ne bisa sharaɗin cewa abin ya faɗi daidai tsayin da ya tashi, kamar ɗan wasa ya buga ƙwallo daga ƙasa a filin Giginya ya faɗi ƙasa. Haka ita ma T = 2u sin θ / g. Da a fili mutumin ke tsaye da sakan 1 hawa, sakan 1 sauka, T = 2 s, nisa kuma 17.32 × 2 = 34.6 m, ka ga amsarka ta fito. To a zanenmu bayan sakan 2 dutsen ya dawo ne kawai saitin rufin benen, babu ƙasa a wurin da zai faɗa, sauran mita 15 a ƙarƙashinsa, yana ci gaba da faɗuwa kuma yana ci gaba da tafiya gaba.

Ga yadda ake yi. Ka ɗauki hannun mai jifa a matsayin mafari, sama fulos, ƙasa mainos. Inda dutsen zai ƙare yana mita 15 ƙasa da mafari, wato y = −15. Sai ka sa cikin fomular tafiyar tsaye:

```
y = uy t − ½ g t²
−15 = 10t − 5t²
t² − 2t − 3 = 0
(t − 3)(t + 1) = 0
```

Lokaci sakan 3 ke nan. Yanzu ne za ka tuna da 17.32 da munka ajiye, ita da ba ta canza ba tun farko:

```
R = ux × t = 17.32 × 3 = 51.96 m
```

kusan mita 52 daga gindin benen. Sakan guda da ka bari a baya ya ci maka mita 17 da 'yan kai.

In kwadiratik na ba ka tsoro akwai wata hanya da ni kaina na fi so don ana ganin komi a fili. Raba tafiyar tsaye gida biyu. Hawa sakan 1 ne, mun riga mun samu. A ƙololuwa dutsen yana mita 20 daga ƙasa kuma gudunsa na tsaye 0 ne, to daga nan faɗuwa ce zalla kamar wanda anka saki daga hannu: 20 = 5t², t² = 4, t = 2 s. Hawa 1 da sauka 2 sun ba 3. Amsa guda, kuma in ka yi duka hanyoyin biyu sunka yi daidai to kwanta da hankalinka.

Ita −1 ɗin da ta fito fa, mi ake yi da ita?

A jefar da ita, lokaci ba ya komawa baya. Lissafin bai san akwai bene ba, yana faɗa maka ne cewa da lanƙwasar ta ci gaba ta baya da ta taɓa ƙasa sakan 1 kafin jifar. Rubuta layi ɗaya cewa ka ɗauki t = 3 s don lokaci ba ya zama mainos, ka wuce.

Don mi 15 ta zama mainos alhali tsayi ne, akwai tsayi mainos?

Ba tsayin benen ne mainos ba. y a fomular nan na nufin ina dutsen yake in an kwatanta da inda ya tashi, kuma tunda mun ce sama fulos, duk abin da ke ƙasa da hannun mai jifa mainos ne. Shi ya sa ma g ta shigo da mainos a gabanta, don ƙasa take ja.

In ka manta ka sa +15 lissafin da kansa zai tona maka asiri. Za ka samu t² − 2t + 3 = 0, in ka sa a fomular kwadiratik abin da ke ƙarƙashin sikwaya rut zai zama 4 − 12 = −8, kalkuleta ta rubuta maka Math ERROR. Wata ɗaliba ta kira ni da dare ta ce kalkuletarta ta lalace, na ce lafiyarta lau, tambayarta kika yi yaushe dutsen zai kai mita 15 sama da bene, shi kuma iyakar hawansa mita 5 ne, ba zai taɓa kaiwa ba, to mi kike son ta ce miki? Duk sanda kunka ga haka a lissafin jifa ku fara duba alamar y kafin komi.

Kana iya zaɓar ƙasa ta zama fulos in ka ga dama, amma fa sai ka juya duka, uy ta zama −10, g ta zama +10, y ta zama +15. Zaɓi ɗaya ka rubuta shi a saman takardarka ka tsaya a kai har ƙarshe.

A nawa hoton 30° ɗin tana tsakanin kibiya da layin da ke tsaye ne ba na kwance ba, duk ɗaya ne?

Ko kusa. Mutum biyu cikin waɗanda sunka turo haka nasu yake, ko mai kwafa ne ya sa baƙar a wani gefe ko malaminsu ne ya so ya gwada su. In 30° daga layin tsaye anka auna, to daga kwance 60° ce. Sai komi ya juye, ux = 10 m/s, uy = 17.32 m/s. Hawan sama da hannu ya koma 300 / 20 = 15 m maimakon 5, daga ƙasa mita 30 ke nan.

Abin da ya sa wanga kuskure ke da mugunta shi ne a shimfiɗaɗɗen fili ba bene, jifar 30° da ta 60° nisa ɗaya suke bayarwa, duka 34.6 m, don sin 60° da sin 120° abu guda ne. Ɗaya ta tafi ƙasa-ƙasa da sauri cikin sakan 2, ɗaya ta hau sama ta daɗe sakan 3.46 tana tafiya gaba a hankali, su haɗu wuri guda. Sai ɗalibi ya ga R ɗinsa ta yi daidai da ta abokinsa ya ɗauka ya ci, alhali H da T ɗinsa duk sun kauce. A kan bene kuwa ko R ɗin ba ta tsira: da 60° lokacin na kai kusan sakan 4.18, nisa kusan 41.8 m, ba 52 ba.

Na danna sin 30 kalkuleta ta ba ni −0.988, ko ta jabu ce?

Dubi saman fuskarta, akwai ɗan harafi ƙarami. In R ne ko RAD to a radiyan take, mai da ta D ko DEG. In G ne za ta ba ka 0.454, wannan ya fi haɗari don lambar ta yi kama da ta gaskiya. Kafin ka fara kowace jarrabawa danna sin 30, in ba ka ga 0.5 ba gyara tukuna. Masu aron kalkuleta ranar jarrabawa da ku nike.

10 za mu sa ko 9.8?

Abin da takarda ta ba ka. Ta ce 10 sa 10. Ta gaskiya kusan 9.8 ce, 10 sauƙaƙawa ce don lambobi su fito sumul kamar yadda kunka ga 3 ta fito cif. A jifar fili da 9.8 za ka samu hawa 5.10 m da nisa 35.3 m maimakon 5 da 34.6, bambancin kaɗan ne amma a tambayar zaɓi irin ta JAMB yana iya kai ka ga harafin da ba shi ba.

A ƙololuwa gudu 0 ne ko? Haka munka rubuta a aji

Rabin magana kunka rubuta. Gudun tsaye ne 0. Na kwance na nan 17.32 m/s bai je ko'ina ba, da duka gudun ya zama 0 ai da dutsen ya tsaya cak a sama ya faɗo tsaye kamar mangwaro. In an tambaye ka gudun dutsen a ƙololuwa amsa 17.32 m/s a kwance, kuma shi ne mafi ƙanƙantar gudunsa a duk tafiyar. Ita ma g ba ta hutawa a can, tana nan 10 m/s² zuwa ƙasa, ita ce ma ke juyo da shi.

Tunda mun zo nan bari in ƙara da gudun da zai bugi ƙasa da shi don suna son tambayarsa a ƙarshe. Na tsaye bayan sakan 3 shi ne 10 − 30 = −20 m/s, wato 20 zuwa ƙasa. Haɗa da na kwance ta hanyar da munka yi ɗazu, 300 da 400 sun ba 700, sikwaya rut ɗinta 26.5 m/s. Ya fi 20 da ya tashi da ita, kuma haka ya kamata tunda ƙasa da inda ya tashi ya faɗa. In ka samu abin da bai kai 20 ba akwai matsala a wani wuri.

An ce 45° ce ke ba da nisa mafi tsawo, to da ya jefa a 45° da ya wuce 52 m?

Ni ma da haka na ɗauka ina ɗalibi, sai da na zauna na lissafa. Maganar 45° ta fili ce ita ma, 'yar gidan su fomular R ce. A fili da gudun 20 m/s, 45° na ba da mita 40 kuma babu kusurwar da ta fi ta. A kan benenmu kuwa 45° na ba da ux da uy duka 14.14, lokaci sakan 3.65, nisa 51.6 m, ka ga har ta ɗan gaza 30° da ta ba 52.0. Wadda ta fi duka tana wajen 37°, tana ba da kusan 52.9 m. Dalili shi ne benen ya riga ya ba ka lokacin zama a iska kyauta, ba ka buƙatar kashe gudu mai yawa wurin hawa, gara ka zuba shi a gaba. Iya tsayin benen iya yadda kusurwar da ta fi ke sauka ƙasa da 45°.

In kana son gani da ido je ka lambu wajen Kwalkwalawa lokacin rani ka kalli mai ban ruwa riƙe da tiyo, ko ka roƙi mai wankin mota ya ara maka nasa minti ɗaya. Ruwan da ke fita shi ke zana maka lanƙwasar a iska. Ɗaga bakin tiyon a hankali za ka ga inda ruwan ke sauka yana ƙara nisa, ya kai wani wuri, sannan ya fara dawowa wajenka kana ƙara ɗagawa.

Wani zanen an sa katanga a tsakiya an ce ko dutsen zai tsallake, wace fomula ce ta wannan?

Babu wata sabuwa, gadar nan ta lokaci ce dai za ka bi ta baya. Ɗazu tsaye ta ba mu lokaci munka kai wa kwance, yanzu kwance za ta ba mu lokaci mu kai wa tsaye. A ce jifar daga ƙasa ce a fili, 20 m/s a 30°, katanga mai tsayin mita 3 tana nisan mita 30. Yaushe dutsen zai iso wurinta? 30 / 17.32 = 1.73 s. A wannan lokacin ina yake a tsaye? y = 10 × 1.73 − 5 × 1.73², wato 17.3 a cire 15, saura 2.3 m. Katanga 3 ce, shi yana 2.3, ya buge ta. Kuskuren da ake yi shi ne mutum ya ce ai H 5 m ce ta fi 3 don haka ya tsallake, ya manta cewa mita 5 ɗin a tsakiyar tafiya ce wajen mita 17, kafin ya kai mita 30 ya daɗe da fara saukowa.

Malam gaskiya in na harba dutse da danƙo haka zai tafi daidai yadda lissafi ya ce?

Zai gaza kaɗan, wani lokacin da yawa. Duk abin da munka yi bisa sharaɗin babu iska ne, ita kuwa iska tana turje wa duk abin da ke ratsa ta, kuma turjiyar na ƙaruwa sosai in gudu ya ƙaru. Sai gudun kwance da munka ce ba ya canzawa ya riƙa raguwa, lanƙwasar ta daina zama rabi da rabi, saukar ta fi hawan tsayuwa, nisa da tsayi duk su ragu. Ga ƙaramin dutse mai nauyi da anka jefa da hannu bambancin ba shi da yawa, lissafin na kusa da gaskiya. Ga ƙwallon roba mara nauyi ko takarda da anka dunƙule kuwa ba ya ko kusa, balle a ce lokacin hunturu ne iska na kaɗawa daga arewa maso gabas, jefa da kanka ka gani.

Shi ya sa ma in ka ga an ce nauyin dutsen kilo kaza ne a jikin zanen kar ka wahalar da kanka neman inda za ka sa shi, duba fomulolin da munka yi amfani da su tun daga sama babu m ko ɗaya a ciki. In babu iska dutsen kilo 1 da na kilo 5 da anka jefa da gudu guda a kusurwa guda wuri ɗaya za su faɗi. Sai in tambayar ta ci gaba ta nemi ƙarfin motsi ko makamancinsa ne nauyin zai yi aiki, wannan kuma wani babi ne, wanda ke da irin wannan zanen ya turo amma don Allah a ɗauka da rana, a ɗora takardar a ƙasa a tsaya samanta sak, a kuma janye yatsa daga kan lambobi.